Kuɗin Hayar da Mai Gida Ya Karɓa Tun Farko: Nawa Ne Rabon Wannan Watan?

A yawancin biranen Najeriya, mai gida ba ya miƙa makulli sai ya ga kuɗin shekara guda a hannu, wani ma sai na shekara biyu. Kuɗin yana shigowa a dunƙule rana ɗaya, amma zaman da aka biya dominsa yana tafiya ne a hankali, kwana bayan kwana. Tambayoyin da ke ƙasa duk sun taso ne daga wannan tazara. Za mu riƙe misali ɗaya har ƙarshe: mai gida ya ba da hayar shago a kan naira 1,200,000 a shekara, ɗan haya ya biya duka ranar 1 ga Oktoba 2025, wa'adinsa zai cika ranar 30 ga Satumba 2026. Mai gidan yana rufe lissafinsa na shekara ranar 31 ga Disamba.

Kuɗi ya riga ya shiga asusuna, na ba da rasit. Me ya sa akanta yake cewa ba duka ne kuɗin shigata ba?

Saboda har yanzu ba ka ba da abin da aka biya ka dominsa ba. Ɗan haya bai sayi makulli ba, amfanin shago na wata 12 ya saya. Ranar da ya biya, shi ya gama sauke nauyinsa, kai kuma a ranar ne naka ya fara. Nauyin da ke kanka shi ne ka bar masa wurin, cikin yanayin da za a iya amfani da shi, har wa'adi ya cika. Idan rufin ya rufta a wata na biyu, ko kotu ta ce shagon ba naka ba ne, ɗan haya zai zo ya nemi ragowar kuɗinsa, kuma duk mai adalci zai ce yana da gaskiya. Abin da za a iya zuwa a karɓe daga hannunka saboda ba ka cika alƙawari ba, bai zama ribarka ba tukuna.

Shi ya sa a lissafin kasuwanci ake ɗaukar wannan kuɗi a matsayin bashi a kan mai gida. Ba irin bashin da za a biya da tsabar kuɗi ba ne, da zama za a biya shi. Duk watan da ya wuce ɗan haya yana riƙe da wurin, ka biya kashi ɗaya na bashin, kuma daidai wannan kashin ne ya koma kuɗin shigarka. Tela da ya karɓi kuɗin ɗinkin kala goma kafin Sallah ya san wannan sarai: kuɗin yana aljihunsa, amma wanda ya ɗinka kawai ya ci.

To yaya ake fitar da rabon wata guda?

A raba jimillar kuɗin da yawan watannin da aka biya. A misalinmu, 1,200,000 a raba gida 12 ya ba da naira 100,000. Ranar 31 ga Oktoba, mai gida ya ci 100,000, saura 1,100,000 a kansa. Ranar 30 ga Nuwamba ya ci 200,000 jimilla, saura 1,000,000. Ranar 31 ga Disamba, lokacin rufe littafi, watanni uku sun wuce, wato ya ci 300,000, saura 900,000 na watanni tara masu zuwa.

Abin lura shi ne adadi biyu ne suke tafiya tare, kuma duk lokacin da aka haɗa su dole su koma 1,200,000. Ɗaya yana hawa, ɗaya yana sauka. A rahoton riba da asara na shekarar 2025, naira 300,000 kaɗai za ta bayyana a matsayin kuɗin haya. Sauran 900,000 ɗin za ta zauna a takardar kadarori da basussuka, a ɓangaren abin da ake bin mai gida.

Wani zai ce, idan ɗan haya ya rufe shagon ya tafi ƙauye wata guda fa? Rabon watan yana nan daram, mai gida ya ci shi. Abin da aka sayar shi ne damar amfani da wurin, kuma damar tana hannun ɗan haya ko ya buɗe ƙofa ko bai buɗe ba.

Yaya ake rubuta shi a littafi?

Rubutu iri biyu ne: na ranar karɓa, da na ƙarshen kowane wata. A tsarin rubutu mai fuska biyu, kowace shigarwa tana da hagu da dama, waɗanda akantoci ke kira debit da kiredit, kuma dole su zo daidai da juna.

Ranar 1 ga Oktoba, a rubuta naira 1,200,000 a hagun asusun banki, domin kuɗin da ke banki ya ƙaru. A rubuta naira 1,200,000 a daman wani asusu na daban mai suna hayar da aka karɓa tun farko. Wannan asusun bashi ne. A wannan rana ba a taɓa asusun kuɗin shiga ko kaɗan.

Ranar 31 ga Oktoba, a rubuta naira 100,000 a hagun asusun hayar da aka karɓa tun farko, domin bashin ya ragu. A rubuta naira 100,000 a daman asusun kuɗin shiga na haya. Haka za a maimaita kowane ƙarshen wata har sau 12, sai asusun bashin ya koma babu komai ranar 30 ga Satumba 2026.

Wannan rubutu na biyu shi ne wanda aka fi mantawa da shi, kuma dalilin a fili yake. Babu abin da yake tunatar da mutum. Ba saƙon banki da zai shigo waya, ba rasit, ba wanda zai ƙwanƙwasa ƙofa. Kwanan wata ne kawai ya canza. Banki ba ya cikin rubutun ƙarshen wata sam, don haka duk wanda ya ga kansa yana taɓa asusun banki a wannan rubutun, to ya kauce hanya.

Mai amfani da manhajar lissafi ta Ingilishi zai ga asusun da suna irin `Unearned Rent` ko `Rent Received in Advance`. A Nijar da Kamaru da Chadi, inda ake bin tsarin lissafi na OHADA, ƙungiyar da ke daidaita dokokin kasuwanci na wasu ƙasashen Afirka, asusun shi ne lamba 477, `Produits constatés d'avance`. Aikinsu ɗaya ne.

Ɗan hayata bai shiga ranar 1 ga wata ba. Ya zan yi da watan farko?

Sai a koma ƙidayar kwanaki. A ce yarjejeniyar ta fara ranar 21 ga Oktoba 2025, za ta ƙare 20 ga Oktoba 2026. Daga 21 zuwa 31 ga Oktoba kwana 11 ne, idan an haɗa da ranar farko. Mutane da yawa suna cire 21 daga 31 su sami 10, su zubar da kwana guda.

Hanya biyu ake bi. Ta farko, a ɗauki kuɗin wata, 100,000, a raba da kwanakin Oktoba 31, a ninka sau 11. Wannan ya ba da kusan naira 35,484. Daga nan watanni 11 cikakku za su biyo baya a kan 100,000 kowanne, sannan Oktoban ƙarshe ya ɗauki kwana 20, wato 64,516. Idan aka haɗa, an dawo 1,200,000 cif.

Ta biyu, a raba kuɗin shekara da kwana 365, kowace rana ta tashi a kan naira 3,287 da kwabo 67. Kwana 11 sun zama kusan 36,164. A wannan hanyar watanni ba sa zuwa daidai da juna: mai kwana 31 ya fi mai kwana 30 samu, Fabrairu kuma ya fi kowa ƙaranci. A takardar Excel, idan B2 jimillar haya ce, C2 ranar farko da ta faɗo cikin watan, D2 kuma ranar ƙarshe da ta faɗo cikin watan, ga yadda ake rubutawa:

```
=ROUND(B2*(D2-C2+1)/365,2)
```

Bambancin hanyoyin biyu a watan farko naira 680 ne kacal, kuma a ƙarshen wa'adi ya ɓace. Ga mai gida ɗaya ko biyu, ni na fi son ta farko, domin yana ganin 100,000 kowane wata, idan adadi ya sauya zai lura nan take. Abin da ba ya yiwuwa shi ne a fara da wannan a ƙare da waccan, domin asusun ba zai taɓa rufewa daidai ba.

Ranar da ake fara ƙidaya ita ce ranar da yarjejeniya ta ba ɗan haya ikon wurin, ba ranar da ya biya ba. Idan ya biya a Agusta, amma ana fenti da gyaran ƙofa har ƙarshen Satumba, to a Agusta da Satumba mai gida bai ci ko sisi ba, duka kuɗin yana zaune a asusun bashi.

Na riga na rubuta 1,200,000 ɗin duka a matsayin kuɗin shiga tun Oktoba. Sai na sake littafin daga farko?

A'a. Gyara ɗaya ya isa, muddin an yi shi kafin a rufe shekara. Ranar 31 ga Disamba, a lissafa abin da ba a ci ba tukuna, wato watanni tara, naira 900,000. A rubuta shi a hagun asusun kuɗin shiga na haya don a rage shi, a rubuta shi a daman asusun hayar da aka karɓa tun farko. Kuɗin shiga ya sauko zuwa 300,000, bashi ya tsaya a 900,000, daidai inda wanda ya bi hanyar farko ya tsaya.

A nan ne ake yawan tuntuɓe. Wanda ya fara da asusun bashi, abin da aka ci yake kwashewa, wato 300,000. Wanda ya fara da asusun kuɗin shiga, abin da ba a ci ba yake kwashewa, wato 900,000. Idan aka musanya adadin biyu, littafi zai daidaita hagu da dama lafiya lau, amma zai nuna kuɗin shiga 900,000 a inda ya kamata a ga 300,000. Kafin a rubuta gyara, a fara duba inda aka ajiye kuɗin ranar da aka karɓe shi.

Idan ba a yi gyaran ba kwata-kwata, shekarar 2025 za ta nuna riba fiye da gaskiya da naira 900,000, shekarar 2026 kuma za ta nuna shagon bai kawo komai ba har tsawon wata tara, alhali ana ta kashe kuɗi a kan gyaransa. Idan gidan na haɗin gwiwa ne, ko na magada ne da suke raba riba duk shekara, wannan kuskuren yana nufin an raba kuɗin baɗi a bana.

Ai na riga na kashe kuɗin, na zuba shi a wani gini. Lissafin ya canza?

Bai canza ba ko kaɗan. Kashe kuɗin ya rage abin da ke banki ne, bai rage abin da ɗan haya yake bin ka ba. Ba laifi ba ne mai gida ya juya kuɗin, tunda ba ajiya aka ba shi ba, amma ya kamata ya san girman abin da ya ɗauka. Wanda a ƙarshen Disamba yake da 900,000 a asusun bashi, amma 50,000 kawai a banki, yana cikin haɗari ta fuska biyu. Idan famfo ya fashe ko soka-awe ta cika a watan Maris, babu sabon kuɗin haya da zai shigo sai Oktoba. Idan kuma wani dalili ya sa dole a mayar wa ɗan haya kuɗinsa, sai an ci bashi ko an sayar da wani abu.

Shawarar da nake ba masu gidajen da haya ce abincinsu ita ce su ajiye kuɗin a asusu na daban, su riƙa ɗebo rabon wata kawai zuwa asusun cefane. Ta haka abin da ke banki da abin da ke littafi za su riƙa sauka tare.

Idan kuɗin shekara biyu na karɓa fa?

Rabon wata bai canza ba. Naira 2,400,000 a raba gida 24 har yanzu 100,000 ce. Abin da ya ƙaru shi ne yadda ake nuna ragowar. Ranar 31 ga Disamba 2025 an ci 300,000, saura 2,100,000. Daga ciki, 1,200,000 za a ci ta cikin watanni 12 masu zuwa, don haka tana cikin basussuka na kusa. Sauran 900,000 na Janairu zuwa Satumban 2027 ne, tana cikin basussuka na nesa. Banki da zai ba mai gida rance yana kallon wannan rabuwar.

Kafin a karɓi shekara biyu, a duba dokar wurin. Dokar haya ta Jihar Legas ta 2011 ta hana karɓar fiye da kuɗin shekara guda daga mai biyan shekara-shekara, da fiye da wata shida daga wanda yake zaune yana biyan wata-wata, ko da yake ta ware wasu unguwanni kamar Ikoyi da Apapa. A Ghana, dokar haya ta 1963 ta tsayar da abin da za a karɓa tun farko a wata shida, duk da cewa masu gidaje a Akra da Kumasi sun saba neman shekara ɗaya ko biyu. Rubuta kuɗin daidai a littafi ba ya halatta karɓar abin da doka ta hana.

Na yi wa ɗan haya rangwamen wata uku kyauta don ya gyara wurin kasuwancinsa. Waɗannan watannin babu kuɗin shiga ke nan?

Ga mai bin ƙa'idar lissafi ta ƙasa da ƙasa, akwai. Ƙa'idar haya mai suna IFRS 16, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Janairu 2019, ta ce mai ba da haya irin wannan ya shimfiɗa kuɗin daidai wa daida a kan tsawon wa'adin duka, sai idan akwai wani tsarin da ya fi nuna yadda amfanin kadarar yake ƙarewa. Idan ɗan haya ya biya 1,200,000 amma zai riƙe shagon wata 15, to a raba da 15, kowane wata ya tashi 80,000, har da watannin da aka kira kyauta. Hikimar ita ce rangwamen ba sadaka ba ce, wani ɓangare ne na cinikin da ya jawo ɗan hayan, don haka nauyinsa ya hau kan dukan watannin.

Haka abin yake idan an rubuta ƙari tun farko a yarjejeniya ɗaya. Shekarar farko 1,200,000, ta biyu 1,440,000, jimilla 2,640,000 a wata 24, rabon kowane wata 110,000. Amma idan yarjejeniyar shekara guda ce, ta ƙare, aka zauna aka yi sabon ciniki da ƙari, to kowace shekara da nata lissafin.

Kamfani ne ɗan hayata, kuma 1,080,000 kawai ya turo. Wanne zan raba gida 12?

Ka raba 1,200,000. A Najeriya, kamfani ko hukuma da ke biyan haya tana cire kashi 10 cikin 100 a matsayin harajin da ake riƙewa tun daga tushe, ta miƙa wa hukumar haraji da sunan mai gida. Wannan naira 120,000 ba ragi ba ce a kuɗin haya, harajinka ne aka biya maka tun da wuri, kuma za a cire ta daga abin da hukuma za ta nema a wurinka daga baya. Ranar karɓa, hagu zai ɗauki layi biyu: banki 1,080,000, da harajin da aka riƙe 120,000. Dama kuma, asusun hayar da aka karɓa tun farko zai ɗauki 1,200,000 cikakkiya. Rabon wata yana nan a 100,000, ba 90,000 ba. Ka matsa wa kamfanin ya kawo takardar shaidar cewa ya miƙa kuɗin, domin in babu ita, 120,000 ɗin suna ce kawai a littafi.

Irin wannan ne idan ejan ko kiyataka ya karɓi haya a madadinka ya cire la'adarsa kafin ya turo. Abin da ɗan haya ya biya shi ne bashin da ke kanka, domin idan za a mayar, a kan wannan adadin zai yi ƙidaya. La'adar kuwa kashe kuɗi ce, a rubuta ta a nata gurbin.

Kuɗin jinginar da ake karɓa saboda ɓarna, shi ma ana raba shi wata-wata?

Ba a raba shi. Wucewar lokaci ba ta mayar da shi naka. Yana zama a asusunsa na daban, bashi ne cikakke, har ranar da ɗan haya zai tashi. A ranar ne za a zagaya wurin, a cire kuɗin abin da ya ɓata, a mayar masa da saura. Kuɗin shara da gadi da man janareta da aka karɓa tare da haya, su ma kada a cakuɗa su da ita.

Ɗan haya ya tashi kafin wa'adinsa ya cika. Ragowar ta zama tawa?

Littafi ba ya yanke wannan hukunci, yarjejeniya ce take yankewa. Abin da littafi yake yi shi ne ya faɗi adadin da ake magana a kai, ba tare da gardama ba. A ce ɗan haya ya miƙa makulli ranar 31 ga Maris 2026. Wata shida sun wuce, an ci 600,000, saura 600,000 a asusun bashi.

Idan an amince a mayar masa duka, a rubuta 600,000 a hagun asusun bashi, a daman banki. Idan an yi sulhu cewa mai gida zai riƙe kuɗin wata guda a madadin notis, to 500,000 ta fita ta banki, 100,000 ta shiga kuɗin shiga. Idan yarjejeniya ta ce ba a mayarwa, kuma ɗan haya ya saki wurin gaba ɗaya, babu sauran nauyi a kan mai gida, to 600,000 ɗin ta zama kuɗin shiga a lokacin da aka warware yarjejeniyar. Amma idan ya kwashe kaya ne kawai, makulli yana hannunsa, to hayar ba ta ƙare ba, a ci gaba da 100,000 duk wata.

Akwai al'adar da aka saba da ita ta cewa sai an sami wani ɗan hayan sannan a mayar wa na farko ragowarsa. A wannan yanayin, watannin da wurin ya zauna babu kowa suna kan na farko, abin da za a mayar masa kuma yana farawa ne daga ranar da sabon ya shiga. A ganina duk wanda ya karɓi kuɗin wata guda daga mutum biyu a kan ɗaki ɗaya, alhali na farko bai yafe ba, ya ci haƙƙin da ba nasa ba, ko da takarda ta ba shi kafa.

Idan an sayar da gidan, ko mai gidan ya rasu a tsakiyar wa'adi fa?

A nan ne wanda bai riƙe lissafi ba yake barin rigima. A ce an sayar da shagon ranar 31 ga Janairu 2026 da ɗan haya a ciki. Wata huɗu sun wuce, mai sayarwa ya ci 400,000. Sauran 800,000 na watannin da mai saye ne zai ɗauki nauyin ɗan hayan. Ko dai a miƙa masa wannan kuɗin, ko a cire shi daga farashin gidan, kuma a rubuta hakan a takardar ciniki. Mai saye da bai tambayi rasit na ƙarshe ba zai iya zama wata takwas yana kallon shagonsa ba ya samun komai.

A wajen rasuwa, a mazhabar Malikiyya ijara ba ta warwarewa don ɗaya daga cikin masu ƙulla ta ya rasu. Ɗan haya yana da haƙƙin zama har wa'adinsa ya cika, kuma ba za a sake neman kuɗin watannin da ya riga ya biya ba. Masu rabon gado suna bukatar su san wannan adadi kafin su yi wa gidan ƙima, domin magajin da gidan ya faɗo wa zai gaje shi tare da watannin da ba zai karɓi haya ba.

Zakka fa? Ana fitarwa a kan duka abin da aka karɓa?

Malaman Malikiyya sun daɗe da tattauna mas'ala mai kama da wannan. Sun kawo misalin mutumin da aka ɗauke shi aiki na shekara uku a kan dinari 60, ya karɓa duka tun farko, ba shi da wata dukiya da za ta tsaya a madadin abin da ke kansa. Suka ce idan shekarar farko ta cika babu zakka a kansa, domin dinari 20 na wannan shekarar yanzu ne suka tabbata nasa, sai sun yi shekara a hannunsa, sauran 40 kuma bai riga ya yi aikinsu ba. Tunanin ɗaya ne da na akanta: karɓa daban, tabbatar mallaka daban. Akwai wasu malaman da suke ganin mallaka ta tabbata tun ranar ƙulla yarjejeniya, kuma hukuncin yana sauyawa idan mutum yana da wata dukiyar. Don haka mai gida ya je wa malaminsa da adadi uku a rubuce: abin da ya karɓa da ranar karɓa, abin da ya ci zuwa yau, da abin da ya saura a hannunsa.

Ina da 'yan haya da yawa, kowa da ranar da ya shiga. Ta yaya zan gane lissafina ya karkace?

Ka yi jadawali ɗaya, layi guda ga kowane ɗan haya: jimillar abin da ya biya, ranar farawa, ranar ƙarewa, rabon wata, watannin da suka rage, da ragowar kuɗi. A ƙarshen kowane wata ka haɗa ragowar duka, ka gwada da abin da asusun hayar da aka karɓa tun farko yake nunawa. Dole su zo ɗaya. Idan asusun ya fi jadawali yawa, an manta rubutun wani wata, kuma sau da yawa bambancin zai zo daidai da rabon watan wani ɗan haya, sai ka nemi wanda adadinsa ya dace. Idan asusun ya gaza, ko dai an yi rubutun sau biyu, ko wani ya sabunta haya aka zuba kuɗinsa kai tsaye cikin kuɗin shiga.

Kuɗin shiga na wata-wata ma yana tona asiri. Gidan da ɗakunansa suke cike ya kamata ya nuna kusan adadi ɗaya kowane wata. Idan Oktoba ya nuna miliyan ɗaya da wani abu, Nuwamba ya nuna babu, to ana rubuta ranar karɓa ne, ba ranar ci ba.

Alama ta ƙarshe ita ce ragowar wani ɗan haya ta faɗa ƙasa da sifili. Wannan yana faruwa idan wa'adi ya cika ranar 30 ga Satumba, ɗan haya yana zaune bai sabunta ba, aka ci gaba da cire 100,000 daga asusun da ya riga ya ƙare. Daga 1 ga Oktoba lamarin ya juya, yanzu mai gida ne yake bin bashi. Rabon watan zai shiga kuɗin shiga kamar kullum idan ana sa ran zai biya, amma hagunsa zai tafi asusun hayar da ake bin ɗan haya, wanda yake cikin kadarori. Ranar da ya kawo kuɗin sabuwar shekara, a fara share abin da ake bin sa, sauran kuma ya koma asusun hayar da aka karɓa tun farko.